Sanarwa ɗaya, gidaje uku: yadda ake rage tsawon tallar kasuwanci ba tare da an sauya alƙawarin da ke cikinta ba

Yawancin sanarwar da ƴan kasuwa ke rubutawa a Maradi, Damagaram ko Tawa, da kunnen rediyo ake rubuta ta. Ana farawa da sallama, a gode wa abokan ciniki, a ba da tarihin shago, sai can tsakiya a faɗi abin da ya kawo maganar. A rediyo wannan tsari yana aiki, domin mai saurare yana zaune, ba ya iya tsallake gaisuwa ya faɗa kan labari. A allon salula kuwa yatsa ne ke mulki, kuma kowane dandali yana da iyakar haruffan da yake karɓa. Shi ya sa wanda aka miƙa wa takardar sanarwa aka ce ya saka ta a Facebook da WhatsApp da X, a zahiri rubutu uku aka ba shi, ba ɗaya ba.

Haɗarin wannan aiki ba a tsawo yake ba. Yana cikin abin da ke faɗuwa yayin ragewa. Sanarwar kasuwanci alƙawari ce: kaya kaza, a farashi kaza, daga rana kaza zuwa rana kaza, bisa sharaɗi kaza. Kalmomin da ke ɗaure alƙawarin, irin su "ban da" da "sai wanda", su ne suka fi sauƙin yankewa, domin ba su da armashi. Da zarar sun fita, gajeren rubutun ya yi wa mai saye alƙawarin da ya fi wanda mai shago ya yi niyya, kuma a gaban kanta ake biyan bambancin.

Iyaka iri biyu ce

Kafin a taɓa rubutun sai an san awon kowane gida. A X, wanda ba ya biyan kuɗin rajista yana da haruffa 280 a kowane saƙo. Har zuwa ƙarshen 2017 ma 140 ne kawai. Rubutaccen Statut na WhatsApp yana karɓar haruffa 700. Rubutun da ke ƙarƙashin hoto a Instagram yana kai wa 2,200, Facebook kuma ya wuce 60,000, wato kamar ba shi da iyaka. A duk waɗannan lissafe-lissafe, "harafi" ba baƙi da wasali kaɗai ba ne. Aya, waƙafi, lamba, da filin da ke tsakanin kalma da kalma, kowanne harafi ɗaya ne.

Wannan ita ce iyakar da ke hana a aika. Akwai ta biyu, wadda ba ta hana komai amma ta fi cutarwa: iyakar abin da ake gani. Instagram yana nuna wajen haruffa 125 na farko ne, sauran ya naɗe su. Facebook ma yana nuna ƴan layukan farko, sai ya sa "Voir plus". Wanda bai danna ba, abin da ya gani shi ne dukan sanarwar a wurinsa. Saboda haka ko a dandalin da ya fi kowane faɗi, akwai wata ƴar ƙaramar ƙofa da dole muhimmin labari ya bi ta cikinta.

Sanarwar da za a yi aiki a kanta

A ɗauki misalin wani mai shagon kayan sola a Maradi da zai sauya mazauni. Shagon, farashin da lambar wayar duk na misali ne. Ga abin da ya rubuta:

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mu shugabannin wannan shago na sayar da kayan sola muna miƙa gaisuwa da godiya ga ɗaukacin abokan cinikinmu na cikin garin Maradi da ƙauyukan kewaye, da ma waɗanda ke zuwa daga nesa, bisa amanar da kuka ba mu tsawon shekaru takwas. Kamar yadda kowa ya sani, mun fara ne da ɗan ƙaramin shago a babbar kasuwa, kuma da yardar Allah harka ta bunƙasa har wurin ya yi mana kaɗan. Saboda haka muke farin cikin sanar da jama'a cewa daga ranar 1 ga watan Maris za mu koma sabon mazauninmu da ke unguwar Ali Ɗan Sofo, bakin kwalta, daura da gidan mai. Tsohon shagon zai rufe ranar 28 ga watan Fabrairu. Sabon wurin yana da filin ajiye motoci da sashen gyara. Za mu riƙa buɗewa daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma, ban da ranar Lahadi. Domin murnar wannan ƙaura, mun yi ragin kashi 10 cikin 100 a kan farantan sola daga ranar 1 zuwa 15 ga watan Maris. Farantin wat 300 da ake sayarwa sefa 60,000 zai koma 54,000. Ragin bai shafi batura ba, kuma na wanda ya biya kuɗinsa gaba ɗaya ne, ban da masu biya kashi-kashi. Waɗanda ke da takardar garanti ta tsohon shago su kwantar da hankalinsu, tana nan da ƙarfinta a sabon wuri. Domin ƙarin bayani a kira 00 00 00 00. Allah ya bar zumunci, ya sa albarka a kasuwancin kowa. Mun gode."

Sanarwa ce mai ladabi, babu abin da ta rasa, kuma tsawonta ya doshi haruffa 1,300. Amma haruffa fiye da 400 na farko ba su ɗauke da labari ko ɗaya. Idan aka liƙa ta a Instagram yadda take, abin da zai fito a fili zai tsaya ne a kan kalmar "ɗaukacin". Idan aka ƙirga 280 don X, wuƙar za ta faɗa a tsakiyar kalmar "kowa", mai karatu bai ji ƙaura ba, bai ji ragi ba, bai ga lambar waya ba. Wannan ya isa ya nuna cewa yanke wutsiya ba ragewa ba ne. A irin wannan sanarwa nama a tsakiya yake.

Rarrabe abin da ke ciki

Matakin farko ba rubutu ba ne, tankaɗe ne. A ɗauki alƙalami a bi sanarwar jimla bayan jimla, ana tambaya guda: idan wannan ta ɓace, me zai sami mai karatu?

Wasu jimlolin idan suka ɓace, mutum zai yi asarar tafiya. Manomin da ya taso daga Madarunfa ko Gidan Runji ranar 3 ga Maris ya nufi babbar kasuwa zai tarar da ƙofa a rufe. Don haka ranar ƙaura da sabon adireshi suna sahun gaba, tare da lambar waya. Wasu kuma idan suka ɓace, rigima za ta tashi: kwanakin ragin, da cewa na farantai ne kaɗai, da cewa sai an biya gaba ɗaya. Waɗannan sharuɗɗa ba su da rai su kaɗai, manne suke da kalmar "ragi". Duk inda ragi ya shiga sai sun bi shi, inda kuwa babu wurinsu, to ragin ma ya haƙura.

Sai jimlar garanti, wadda mai shago ya ajiye kusa da ƙarshe kamar abin da ya tuna daga baya. Ga wanda ya sayi kaya wata uku da suka wuce, ita ce mafi nauyi a dukan takardar, domin shagon da ya rufe ƙofa yakan sa mutum zargin an gudu da haƙƙinsa. Matsayin jimla a asalin sanarwa ba ya nuna darajarta. Abin da ya rage, wato tarihin shekaru takwas, filin motoci, doguwar godiya da addu'a, yana ƙara wa sanarwa kwarjini, amma babu wanda zai cutu idan bai gan shi ba.

A fara da mafi gajarta

Mutane da yawa suna farawa da dogon rubutu, su rage shi ya zama matsakaici, su sake ragewa ya zama gajere. A kowane zagaye wani abu yana zubewa ba tare da an lura ba. Ya fi aminci a juya tsarin: a fara gina na haruffa 280, inda babu wurin ɓoye komai, daga nan a riƙa ƙarawa. Wanda ke ƙari ba ya mance sharaɗi, domin tun farko yana ciki.

Ga irin gajeren rubutun da hannu ke saurin kawowa: "Mun koma Ali Ɗan Sofo! Ragin 10% a kan kayan sola! Ku garzayo!" Yana da daɗin ji, kuma ya bar fili mai yawa. Amma a duba abin da ya faru. "Farantan sola" sun zama "kayan sola", wato har batura sun shiga. Ranar ƙarewar ragi ta ɓace, sharaɗin biya gaba ɗaya ma haka. "Mun koma" kuma yana nufin an riga an tashi, alhali idan an saka shi ranar 20 ga Fabrairu, shagon yana nan a kasuwa har kwana takwas. Mutum zai iya zuwa ranar 25 ga Maris, ya zaɓi batir na sefa 150,000, ya nuna wayarsa ya ce a cire masa 15,000. Kuma da gaskiyarsa, domin abin da aka rubuta ke nan. Mai shago zai zaɓa tsakanin asarar jika 15 da asarar abokin ciniki wanda zai tafi yana cewa an yaudare shi.

Wanda ya tsare alƙawarin zai zo kamar haka:

"Shagonmu na kayan sola a Maradi zai bar babbar kasuwa. Daga 1 ga Maris muna Ali Ɗan Sofo, daura da gidan mai. Ragin 10% a kan farantan sola, 1 zuwa 15 ga Maris, ga mai biya gaba ɗaya. Ban da batura. Garantin tsohon shago na nan daram. Waya: 00 00 00 00"

Haruffa 252 ne. An samu filin ne ta hanyar matse kalmomin da ba su ɗauke da ma'ana, ba ta zubar da bayani ba. "Kashi 10 cikin 100" ya koma "10%", "ranar 1 ga watan Maris" ta koma "1 ga Maris", "muke farin cikin sanar da jama'a cewa" ta fita ɗungum, tunda duk wanda ke karantawa ya san sanarwa ce. Wani zai ce "ban da batura" maimaici ne, tunda an riga an ce farantai. A nahawu haka ne. A kasuwa kuwa mutane da yawa "sola" suke kiran faranti da batir da ƙwan fitila baki ɗaya, don haka waɗannan ƴan haruffa sun fi kuɗinsu.

An kuma sa sunan Maradi a jimlar farko da gangan. Masu bin shago a WhatsApp sun san garin da yake, amma saƙon X yana iya faɗawa hannun wanda ke Yamai ko Katsina, wanda "babbar kasuwa" a wurinsa wata ce daban.

Saura haruffa 28. X yana lissafa kowane adireshin intanet a matsayin haruffa 23, ko gajere ne ko dogo, don haka adireshin da zai kai mutum ga cikakkiyar sanarwa zai shiga, a tashi da 276 idan an haɗa da filin da ke gabansa. Ƴan hotunan nan na fuska da wuta da rana da ake kira imoji kuwa, kowane guda haruffa biyu yake ci. Hoto ba ya cin komai daga cikin 280, kuma nan ne wurin da ya dace a zana taswirar sabon shago. Amma kada a tura sharuɗɗan ragi cikin hoto don a samu fili. Inda intanet ke da rauni rubutu yana riga hoto buɗewa, wani lokaci hoton ba ya buɗewa sam.

Baƙaƙen Hausa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kowane harafi ɗaya ne a lissafin X, babu dalilin cire su a nan. Inda suke da tsada shi ne a gajeren saƙon waya na SMS, kuma ya kamata a faɗi wannan domin ƴan kasuwa sukan kwafi gajeren rubutun su tura wa abokan cinikin da ba su da babbar waya. SMS ɗaya yana ɗaukar haruffa 160 muddin duka suna cikin jerin haruffan GSM. Da harafi ɗaya tak ya fita daga jerin, awon dukan saƙon sai ya faɗo zuwa 70. Dogon saƙo kuma ana datsa shi gunduwa-gunduwa, haruffa 153 a tsari na farko, 67 a na biyu. Rubutun nan mai haruffa 252 zai tafi a SMS biyu idan babu lanƙwasa. Saboda Ɗ na "Ɗan" da ɗ na "ɗaya" kaɗai, zai zama huɗu, kuɗin ya ninka a kan kowane mutum da aka tura wa. A Faransanci é da è da à ba su da wannan matsala, amma ê da ô da â suna jawo ta. A wannan misali cire lanƙwasar ba ya sauya ma'ana. A wani rubutun sai an kula, domin "ƙasa" da "kasa", ko "baƙi" da "baki", ba abu ɗaya ba ne.

Na tsakiya: Statut na WhatsApp

Masu ganin Statut mutane ne da ke da lambar shago a wayarsu, shagon ma yana da tasu. Galibinsu sun taɓa saye. Ba sa bukatar a gabatar musu da shago, abin da suke so shi ne lissafi: ina, yaushe, nawa. A nan ne ake mayar da abubuwan da 280 ta hana, wato ranar rufe tsohon wuri, lokutan buɗewa, da farashi a fili.

"Sanarwa daga shagonmu na kayan sola, Maradi

Za mu bar babbar kasuwa ranar 28 ga Fabrairu. Daga 1 ga Maris sai a same mu a unguwar Ali Ɗan Sofo, bakin kwalta, daura da gidan mai, ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma, ban da Lahadi.

Ragi, 1 zuwa 15 ga Maris: farantin wat 300 ya sauko daga 60 000 F zuwa 54 000 F (jika 54). Sauran farantai ma an rage 10%. Ragin na mai biya gaba ɗaya ne, kuma bai shafi batura ba.

Takardar garanti ta tsohon shago tana nan da ƙarfinta a sabon wuri.

Waya: 00 00 00 00. Mun gode da amana."

Wannan bai kai haruffa 550 ba, kuma ba laifi ba ne a bar sauran filin. Yawan rubutu a Statut yana sa haruffan su ƙanƙance, shafin kuma ƴan daƙiƙu yake tsayawa sai ya wuce, sai dai in mai karatu ya danne shi da yatsa. An raba shi sakin layi-sakin layi ne domin ido ya kama abu guda a kowane kallo.

Yadda aka rubuta kuɗin ya cancanci a tsaya a kansa. A Nijar kuɗi yana da harsuna da yawa. A takarda ana rubuta faran, a baki ana ƙirga dala, wadda faran biyar ce, da jika, wadda faran 1,000 ce. A Maradi kuma ana hulɗa da masu zuwa daga Jibiya da Katsina, waɗanda idan suka ga lamba tsirara naira za su fara kawowa a rai. Ga kuma rikicin waƙafi: a rubutun Hausa na Najeriya waƙafi yana raba dubbai, a Faransanci kuwa alamar ɓangaren lamba ce. Rubuta "54 000 F" sannan a biyo da "jika 54" yana rufe duk waɗannan ƙofofin da haruffa ƙalilan. Inda aka ga ana kiran waya ana tambayar "nawa ke nan a kuɗinmu", to rubutun bai gama aikinsa ba.

Statut yana ɓacewa bayan awa 24, kuma wannan yana jan mutum ya rubuta "gobe" ko "jibi" maimakon kwanan wata. Matsalar ita ce mutane suna ɗaukar hoton allo su tura cikin gungun dangi da na unguwa, inda zai yi mako uku yana yawo, "gobe" ɗinsa tana nan sabuwa kullum. Kwanan wata ba ya tsufa ta wannan hanya. Saboda wannan dalili ne kuma aka sa sunan gari da lambar waya a cikin rubutun, ko da yake masu gani na farko sun san su: hoton allo ba ya tafiya da shaidar inda ya fito.

Mai tsawo: Facebook da Instagram

A nan dukan sanarwar za ta iya shiga, har da tarihi da addu'a. Aikin ba ragewa ba ne, sauya jeri ne. Abin da ke tsakiya ya hau sama, abin da ke sama ya sauka ƙasa, kuma layin farko ya zama mai iya tsayawa da ƙafarsa:

"Salam. Daga 1 ga Maris shagonmu na kayan sola zai koma Ali Ɗan Sofo, Maradi. Akwai ragin 10% a kan farantai, da sharaɗi."

Haruffa 120 ne, sun shiga cikin abin da Instagram ke nunawa. Ba a iya jera sharuɗɗan duka a nan ba, amma kalmar "da sharaɗi" ta riga ta gaya wa mai karatu cewa akwai saura, kuma ita ce za ta sa shi ya danna. Bayan wannan layi sai cikakken adireshi da lokutan buɗewa, sai ragin da misalin farashi da sharuɗɗansa a sakin layi guda ba a raba su ba, sai garanti, sai sashen gyara da filin motoci. Daga nan ne tarihin shekaru takwas da godiya da addu'a za su zo, da kalmomin mai shago yadda ya rubuta su.

Batun gaisuwa shi ne inda aka fi samun saɓani da mai shago, musamman dattijo. A wurinsa fara magana da jama'a ba sallama rashin tarbiyya ne, kuma ba a banza yake jin haka ba, domin abokan cinikinsa ma haka suke ji. Mafita ba a jefar da sallamar ba ne. Gajeriyar sallama ta haruffa bakwai ta biya haƙƙin ladabi a bakin ƙofa, doguwar godiya kuma tana jiran wanda ya shigo ciki. Wanda ke yi wa wani wannan aiki zai fi saurin shawo kansa idan ya nuna masa allon waya, ya ga da idonsa inda rubutun ya naɗe, fiye da dogon bayani.

Bambanci guda tsakanin dandalin biyu yana shafar rubutun. Adireshin intanet da aka sa a rubutun Facebook yana dannuwa, na ƙarƙashin hoton Instagram ba ya dannuwa. Don haka jimla irin "danna nan" da aka kwafo daga wancan zuwa wannan ba ta da amfani, lambar waya ce ke aiki a duka biyun.

Idan ana son Hausa da Faransanci tare, sai a sake lissafi. Sanarwar Hausa mai haruffa wajen 1,300 da takwararta ta Faransanci mai irin wannan tsawo sun haura 2,200 na Instagram, don haka dole tarihin ya fita daga ɗaya ko daga duka biyun. Layin da ake gani kuma harshe ɗaya kawai zai ɗauka, sai a zaɓi wanda mafi yawan masu saye ke karantawa, a sa ɗayan a ƙasa. A X kuwa raba 280 gida biyu yana barin kowane harshe da 140, kuma abin da zai fara faɗuwa shi ne sharuɗɗan nan. Saƙo biyu daban, kowane da harshensa, ya fi.

Dubawa kafin a saki

Idan an gama, a ajiye rubutun uku kusa da asalin sanarwa a bi lambobi kaɗai: 28, 1, 15, 10, 54, da lambobi takwas na waya. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mai shago ya sauya shawara, ya ce ragin ya kai 20 ga wata, a gyara a wuri biyu a mance na uku. Daga nan a miƙa mafi gajarta ga wanda bai san zancen ba, a tambaye shi abu uku: ina zai je, har yaushe ragin yake, kuma idan batir yake so za a rage masa? Amsar da ya bayar ita ce abin da rubutun ya faɗa, ko da ba shi aka yi nufi ba.

Jerin sakewa ma yana da tasiri, domin ba ko'ina ake iya gyara ba. Rubutun Facebook da na Instagram suna gyaruwa bayan an saka su. Statut na WhatsApp ba ya gyaruwa, sai dai a goge a sake, haka ma saƙon X ga wanda ba ya biyan kuɗin rajista, SMS kuwa in ya tafi ya tafi. Saboda haka ya fi a fara da Facebook, a jira ƴan awoyi a ga irin tambayoyin da ke zuwa. Idan mutum uku suka tambayi wane gidan mai ake nufi a Ali Ɗan Sofo, to kwatancen bai isa ba, sai a gyara shi kafin a tura sauran.

Ranar 16 ga Maris akwai sauran aiki guda. Statut ya riga ya ɓace da kansa, amma na Facebook da Instagram suna nan, kuma wani zai ci karo da su a watan Mayu. Sai a buɗe su a sauya layin farko ya koma "Ragin ya ƙare ranar 15 ga Maris", a bar adireshi da lokutan buɗewa da maganar garanti yadda suke. Na X kuma a goge shi, a saka sabo mai adireshi da lambar waya kaɗai.